Takardar Sulhun da Ka Sa wa Hannu Ita Ce Matsalarka

Tambaya: Wani ya daki motar da nake kai kaya da ita ta baya, laifinsa ne ƙarara. Ya yi ta roƙo, ya ba ni 150,000, muka rubuta takarda cewa magana ta ƙare. Makanike ya ce gyara zai ci 900,000. Ina da cikakkiyar inshora, amma kamfanin yana ta jan ƙafa. Ba zan iya karɓa daga ɓangarorin biyu ba?

Amsa: Malam, ba za ka iya ba, kuma ka cire wannan lissafin daga ranka. Inshora mayar da kai take yi inda kake kafin hatsari, ba ta ba ka riba.

Kuskurenka takardar nan ce. Idan kamfani ya biya ka, haƙƙin da kake da shi na bin wanda ya yi maka ɓarna yana komawa hannunsa. Da sunanka zai bi mutumin, ko kamfanin inshorarsa. A ce yarjejeniyar inshorarka ta ɗora maka 50,000 na farko a kowane gyara: kamfani zai biya 850,000, ya nemi kuɗinsa a can, sau da yawa har da naka 50,000 ɗin. Idan ya karɓo duka, yawanci ragin da ake yi wa wanda bai taɓa neman diyya ba yana nan a wurinka lokacin sabuntawa.

To amma kamfani ba ya samun haƙƙin da ya fi naka. Ka yafe naka, ka yafe na kamfani. Gobe lauyansu ya rubuta wa mutumin, zai zaro takardarka ya ce an gama. Shi ya sa galibin yarjejeniyoyin inshora ke hana yin sulhu ba da izinin kamfani ba, kuma wanda ya karya wannan sharaɗi ana iya rage masa diyya ko a hana shi gaba ɗaya. Na taɓa zama da wani mai jigilar kaya da ya ɓoye irin wannan takarda har aka biya shi. Da ta fito, sai da ya mayar da kuɗin, bayan ya riga ya zuba su a kaya. Abin ya ba ni takaici, domin shi aka zalunta tun farko.

Yanzu ka ɗauko takardar ka karanta kalma-kalma. Idan shaidar karɓar wani ɓangare na kuɗin ce kawai, da sauƙi, mai yiwuwa a cire abin da ka karɓa a biya ka ragowar. Idan ta ce ba ka da sauran haƙƙi, ka nuna wa lauya tukuna, sannan ka kai wa kamfanin da kanka, tare da rahoton 'yan sanda, hotunan motocin biyu da lambar inshorar mutumin. Kuɗin nan kuwa kada ka taɓa su sai kamfani ya amsa maka a rubuce.