Ayyuka biyu sun rage, nauyinsu ba ɗaya ba: maki nawa nake bukata?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ɗaliba ce a jami'a, nan Ngaundere. A wani darasi malaminmu ya raba makin haka: gwajin farko kashi 20 cikin ɗari, aikin ɗakin gwaje-gwaje kashi 10, rahoto kashi 20, jarrabawar ƙarshe kashi 50. Na ci 7 bisa 20 a gwajin farko, na ci 21 bisa 30 a aikin ɗakin gwaje-gwaje. Saura rahoto da jarrabawa. Ina son mwayen ɗina, wato matsakaicin makina a darasin, ya kai 12 bisa 20. Ƙawata ta ce in na ci 17 a rahoto, 10 ta ishe ni a jarrabawa. Haka ne?

Amsa: 'Yata, ba haka ba ne. Da 17 da 10 za ki tashi da 11,2 ne, kuma ba na so ki shiga ɗakin jarrabawa da wannan lissafin a kanki. Na ga inda ƙawarki ta samo shi. Ta haɗa makunan huɗu, 7 da 14 da 17 da 10, suka ba ta 48, ta raba gida huɗu, 12 ta fito cif. Haɗawarta daidai ce, rabawarta ma daidai ce, sai dai ta ɗauki ayyukan huɗu kamar nauyinsu guda, alhali jarrabawar nan ita kaɗai rabin darasin ce.

Ki tuna mai sarin albasa a Marwa. Ya sayi buhu biyu a kan jaka 17 kowanne, ya ƙara buhu biyar a kan jaka 10 kowanne. In kika tambaye shi nawa buhu ya tsaya masa, ba zai ce jaka 13 da rabi ba don kawai ita ce tsakiyar 17 da 10. Zai ce ya kashe jaka 34 da jaka 50, wato 84, a kan buhu bakwai, saboda haka kowane buhu jaka 12. Farashin ya rinjaya wajen masu yawan. Rahotonki buhu biyu ne, jarrabawarki buhu biyar.

Kafin a taɓa aljebra akwai gyara ɗaya da ba a tsallake shi. Makunanki biyu ba a kan ma'auni ɗaya suke ba, ɗaya bisa 20 ne, ɗaya bisa 30. Sai an mayar da na biyun bisa 20: ki raba 21 da 30, ki ninka da 20, ya ba ki 14. A nan ƙawarki ta yi daidai, kuma ta cancanci yabo, don a wannan wurin nake ganin ɗalibai da yawa suna zamewa. Wanda ya zuba 21 ɗin nan cikin lissafi yadda take ya ba kansa kyautar maki bakwai da bai ci ba.

Su kuma kason nan, 20 da 10 da 20 da 50, ki soke sifirin kowanne su koma 2, 1, 2, 5. Sun zama kowefisiyan irin wanda kika saba gani a takardar sakamakonki tun kina lise, inda ake ninka makin kowane darasi da nauyinsa, a haɗa, a raba da jimillar nauyin. Jimillar a nan 10 ce. Na fi son aiki da waɗannan cikakkun lambobi a kan 0,2 da 0,5, domin waƙafin nan da muke raba lamba da shi yana saurin ɓacewa a takardar ɗalibi.

To, mwayen 12 a kan nauyi 10 yana nufin sai kin tara 120. Abin da ke hannunki: 7 sau 2, wato 14, da kuma 14 sau 1, wato 14. Jimilla 28. Ki dubi wannan da kyau. Bakwai ɗin da ta ɓata miki rai da sha huɗun da ta faranta miki, abu ɗaya suka zuba a asusunki, saboda ɗaya ta ninka ɗaya a nauyi. Shi ya sa ma mwayen ɗinki na yanzu ba 10,5 ba ne kamar yadda ido zai nuna miki. 28 ce a raba da 3, wajen 9,33.

Yanzu mu sa wa abin da ba mu sani ba suna. Makin rahoto x, makin jarrabawa y.

```
28 + 2x + 5y = 120
2x + 5y = 92
```

Layi na biyu ya fito ne daga cire 28 a kowane ɓangare. Alamar daidai kamar sikeli take, duk abin da aka ɗauke a wannan faranti sai an ɗauke irinsa a wancan.

Ga wurin da nake so ki daɗe a kai. Layi ɗaya muke da shi, abin da ba mu sani ba kuma biyu ne. Irin wannan ba shi da amsa guda. Duk wanda ya ce miki "maki kaza kike bukata" bai faɗi a kan wane zato ya tsaya ba, rabin magana ya ba ki. Dole ki ɗaure ɗaya kafin ɗayan ya fito, kuma hanya biyu ce ake bi.

Ta farko, ki ɗauka maki iri ɗaya za ki ci a duka biyun. Sai 2 da 5 su haɗu su zama 7, ki raba 92 da 7, ki sami 13,14. Da bakwai ake rabawa, nauyin abin da ya rage kaɗai. Wasu suna rabawa da 10 don ita ce jimillar darasin, su sami 9,2, su kwanta da murna. Wasu suna rabawa da 2 don ayyuka biyu ne suka rage, su sami 46, su rikice. Kuskure na biyun ba shi da haɗari, tunda babu mai cin 46 bisa 20, kowa zai gane ya kauce. Na farkon ne mugu, don 9,2 ta yi kama da makin gaske. Kuma 13,14 ɗin nan sama ake cika ta, ba a rage ta. In kin ci 13 da 13, jimillarki 119, mwayen 11,9. Ki riƙe 13,5 a ranki.

Wannan lambar tana nuna miki tsawon tudun ne kawai. Hanya ta biyu ta fi amfani, domin da wuya mutum ya ci maki ɗaya a rahoton da ya zauna ya rubuta cikin kwanaki da jarrabawar awa biyu ko uku. Sai a ware y ita kaɗai: a cire 2x a ɓangarorin biyu, a raba da 5.

```
y = (92 - 2x) / 5
```

Ki zuba duk makin rahoton da kike zato, ya gaya miki abin da jarrabawa ke nema. Da 11 a rahoto, 92 a cire 22 saura 70, a raba da 5, kina bukatar 14. Da 16 a rahoto, saura 60, kina bukatar 12. Da 17 ɗin da ƙawarki ta ambata, saura 58, kina bukatar 11,6, wato ta rage miki fiye da maki ɗaya da rabi a wurin da kowane maki ake ninka shi sau biyar. Ko da kin cinye 20 cif a rahoton, sai kin kawo 10,4 a jarrabawa. Saboda haka babu wata hanya da 10 za ta kai ki 12.

Kin lura da yadda lambobin ke tafiya? Daga 11 zuwa 16 kin hau maki biyar a rahoto, jarrabawa ta sauko da biyu kacal. Canjin ke nan tsakaninsu: maki ɗaya na jarrabawa yana sayen biyu da rabi na rahoto. Amma kada wannan ya sa ki yi wa rahoton riƙon sakainar kashi. Makinsa ya fi sauƙin samu, kina da littafi a gabanki, kina da damar gyara, kina iya nuna wa wani ya duba miki. Ɗaga shi daga 11 zuwa 15 ko 16 sau da yawa aikin tsari ne da bin abin da malami ya nema, kuma saukowa daga neman 14 zuwa neman 12 a jarrabawa ba ƙaramin numfashi ba ne ga wadda ta ci 7 a gwajin farko. Inda nake hana ɗalibaina shi ne ƙarshen tudun. Daga 16 zuwa 18 rahoto kan ci dare da yawa, abin da zai rage miki a jarrabawa kuwa 0,8 ne. Waɗannan dararen sun fi amfani in kin ba wa bitar jarrabawa, musamman babin da ya kayar da ke a gwajin farko.

Ki kuma san iyakokinki, sama da ƙasa. In kin cinye komai, 28 da 40 da 100 sun ba da 168, wato 16,8, kuma babu abin da zai wuce nan. Duk sa'ad da lissafin ya nemi fiye da 20 a wani aiki, burin ne ya fi ƙarfin abin da ya rage. Ta ƙasa kuma, in abin ya zo da matsi kika koma neman 10 don ki tsira da darasin, 100 ce za ki tara, 92 ta koma 72. Da 16 a rahoto, 8 ta isa. Da 11, sai kin ci 10.

Kowace amsa kika samu, ki mayar da ita cikin lissafin asali kafin ki yarda da ita. Gwada 16 da 12: 14 da 14 da 32 da 60, jimilla 120, a raba da 10, 12. Ta zauna. Gwada 9,2 ɗin can: 28 da 64,4 sun ba da 92,4, mwayen 9,24, ko 10 bai kai ba. Minti ɗaya wannan dubawar ke ci, kuma ita ke kama kuskuren rabawa.

Abu ɗaya aljebra ba za ta gaya miki ba, sai malaminki ko takardar dokokin sashenku: ko akwai wani mafi ƙarancin maki da dole a ci a jarrabawar ita kanta, ko da mwayen ya kai. A wasu darussan akwai irin wannan sharaɗi, kuma in akwai shi, yana gaba da duk abin da muka lissafa. Ki tambaya tun yanzu, ki kuma tabbatar kason huɗun nan bai canza ba.

Kafin makin rahoton ya fito, ki yi shiri da zato mai tsauri. In kina jin 16 za ki ci, ki lissafa da 13, wadda ke neman 13,2 a jarrabawa, ki yi bitarki a kan 13,5. Ranar da aka liƙa makin, x ta daina zama ɓoyayya, ki ninka ta da 2, ki cire daga 92, ki raba da 5.