Bayan an naɗe tabarmar gaisuwa

"Assalamu alaikum 'yan uwa. Aminiyata ce a nan Jidda mijinta ya rasu wata bakwai ke nan, ya bar ta da yara uku. Ta fita takaba, kowa ya watse. In na kira sai ta ce lafiya lau, wani lokacin ma ba ta ɗauka. Ina tsoron in yi magana in fama mata ciwo, ina kuma tsoron in yi shiru. Yaya zan yi?"

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta, Ya raya abin da ya bari.

Ni ma a ƙasar nan na yi takabata, a Makka, yau shekara tara. Abin da na gani a kaina zan faɗa miki. Kwana ukun gaisuwa ba su ne masu nauyi ba, domin gida cike yake, ana ta zuba gahawa ana miƙa dabino, ke kuma kamar a mafarki kike. Takabar ma, wata huɗu da kwana goma, tana da abin riƙewa: kina ƙirga kwanaki, mutane sun san inda kike, ana leƙowa. Ranar da na fita aka yi mini barka, aka ce in godewa Allah na sauke nauyi. Daga wannan makon ƙafa ta ɗauke ɗif, wayata ta yi tsit, a lokacin ne kuma na fara gane cewa mutumin nan ba zai dawo ba. Aminiyarki tana wata na bakwai, to a tsakiyar wannan wuri take.

Ki daina tambayarta ko tana buƙatar wani abu. Bahaushiya ce, kunya da kara ba za su bar ta ta ce eh ba, ga kuma tsoron kada a ce ba ta da tawakkali. Ni kaina na ce "lafiya lau" a ranar da shayi kaɗai na sa a cikina. Wadda ta tsamo ni maƙwabciyata ce, dattijuwa, muna ce mata Inna. Ba ta taɓa tambayata ba. Ta dai ce, "Duk Talata bayan la'asar ina nan tafe, ko kin buɗe ko ba ki buɗe ba." Haka kuwa ta yi. Sau biyu ina ji tana ƙwanƙwasawa na ƙi tashi, ta ajiye kwano a bakin ƙofa ta tafi, ba ta aiko da ƙorafi ba, Talata ta zagayo ta dawo. Amfanin tsayayyiyar rana shi ne mai makoki ba sai ta roƙa ba, kuma makonta ya sami wani abu da take jira. Ki zaɓi abin da za ki iya ɗorewa a kai har shekara. Sau ɗaya a mako na tsawon wata goma sha biyu ya fi kullum na mako biyu sannan ki ɓace, don ɓacewar nan tana zame mata rashi na biyu.

Ki kuma binciki wane lokaci ne ya fi yi mata zafi a yini. Kowace mace tana da nata. Nawa bayan sallar Isha ne, lokacin da baban yara yake tasowa daga aiki ya biya ya sayo burodin tamis, in ji ƙarar makullinsa a ƙofa. Watanni da yawa in lokacin ya yi sai in tsinci kunnena a ƙofar. Da Inna ta gane, sai ta mai da kiran wayarta daidai wannan lokaci, minti biyar, wani sa'in hirar farashin tumatir kawai. In ba ta ɗauka ba ki bar saƙon murya, ki ƙare da cewa ba sai ta amsa ba.

Game da tsoron fama mata ciwo, ciwon yana nan a buɗe, ba ke za ki tuna mata ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda aka daina ambatonsa, in na kawo zancensa a yi maza a ce "sai haƙuri" a canza magana. Haƙuri gaskiya ne, amma in an faɗe shi don a rufe baki, mai makoki tana ganewa. Ranar da Inna ta ce, "Kin tuna yadda yake tsayawa a bakin bene yana raba wa yara alewa ranar Juma'a?" na yi kukan da ban yi ba tun ranar jana'iza, daren kuma na yi barci. Ta bar ni na yi, ba ta ce in yi shiru ba, ruwa kawai ta miƙo mini. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye a rasuwar ɗansa Ibrahim, ya ce ido yana zubar da hawaye, zuciya tana baƙin ciki, ba ma faɗin sai abin da Ubangijinmu Ya yarda da shi. Shekaru bayan rasuwar Nana Khadija yana ambatonta, yana yanka akuya ya aika wa ƙawayenta. Ki riƙe wannan don ranar da wani zai ce mata kukan ya isa haka. Ki tuna kuma a nan mu mata ba ma shiga maƙabarta, kaburburan ba su da suna, danginsa da nata suna can gida Najeriya ko Nijar. Ba ta da wurin zuwa, ba ta da wanda ya san shi tun yana yaro. Bakinki ne kaɗai inda za ta ji labarinsa.

Abu biyu kada su fito daga bakinki yanzu: zancen sabon aure, da zancen "ki tattara ki koma gida". Masu faɗa mata sun yi yawa. In ita ta kawo, ki saurara.

Yanzu ga abin da yawancin masu gaisuwa ba sa taɓawa, kuma shi ke hana matan da ke zaune a ƙasar nan barci, wato takardu. In igamarta, wato katin izinin zama a ƙasar nan, da ta yara a ƙarƙashin tasa suke, rasuwarsa ta taɓa zamansu, ta taɓa makarantar yara da zuwa asibiti. Mace mai baƙin ciki tana iya tura takardun nan ƙarƙashin katifa ta ƙi duba su har kwanan wata ya wuce, tara ta hau. Ni haka na yi. Ki ce mata, "Ranar Talata ki fito mini da jakar takardunsa mu duba tare." Ku zauna da littafi da biro ku rubuta ranar ƙarewar igamar kowa, ranar ƙarewar fasfo, da ranar biyan kuɗin haya. Ku tabbatar takardar shaidar rasuwa tana hannu, ku yi mata kwafi da yawa, don duk inda aka je ita za a fara nema. Sai takardar kotu mai ƙididdige magada, wadda ake kira hasarul warasa, domin banki yana rufe asusun mamaci, ba ya sakin kuɗi sai da ita. Batun igama kuwa Jawazat, ofishin shige da fice, za a je a ji matsayinta daga bakinsu, a kuma tuntuɓi ƙaramin ofishin jakadancin ƙasarta da ke nan Jidda. Kada ku miƙa fasfo da kuɗi ga duk wanda ya ce ya san hanya. Wani ya karɓi riyal dubu biyu a hannuna da sunan zai gyara mini, ban sake ganinsa ba.

In a kamfani yake aiki, akwai haƙƙin ƙarshen aiki da magada suke bi, mata da yawa ba su san da shi ba. A dokar ƙwadago ta Saudiyya, rabin albashin wata ne a kan kowace shekara cikin biyar na farko, sannan cikakken albashin wata a kan kowace shekara bayan haka, a kan albashinsa na ƙarshe. A ce yana ɗaukar riyal 3,000 kuma ya yi shekara 12: biyar na farko 7,500, bakwai na baya 21,000, jimla 28,500, ban da albashin da bai karɓa ba. Direban gida da sauran masu aikin gida tsarinsu daban ne, wannan lissafi bai hau kansu ba. Kuɗin kuma gado ne, a raba shi yadda shari'a ta ce, har da rabon iyayensa in suna raye. Ki sa maigidanki ko wani namiji amintacce ya raka ta wajen kafilin, wato wanda ya ɗauki mamacin aiki, ke kuma ki zauna da yara ranar.

In za ki je, ki riƙe abinci mai sauƙin haɗiya. Inna talbina take dama mini: cokali biyu na garin sha'ir a kofin madara, a wuta kaɗan ana juyawa kamar minti goma sha biyar har ya yi kaurin kunu, a sauke a sa zuma. Hadisin Nana A'isha ne a Bukhari cewa tana sanyaya zuciyar mara lafiya, tana tafiyar da sashen baƙin ciki. Ba ajiyewa za ki yi ki tafi ba in ta buɗe miki, ki zuba kofi biyu ku sha tare, don mai makoki ba ta iya cin abinci ita kaɗai. Idonki kuma ya kai kan firij da kwandon wanki, su za su gaya miki gaskiyar da bakinta ya ɓoye.

Akwai inda abin yake fin ƙarfin aminiya, ki san alamarsa. Baƙin ciki na yau da kullum zuwa yake yana tafiya: yau ta yi kuka, gobe ta yi dariya da yara, jibi ya dawo. Wanda ake tsoro shi ne wanda ba ya motsi. In makonni suna wucewa ba ta barci, tana ramewa, ta bar wanka, yara suna fashin makaranta, ko tana ta ɗora wa kanta laifin mutuwarsa, to likita ake nema tare da addu'a. Ki ce mata, "Zo mu je a duba rashin barcin nan," ya fi sauƙin karɓa, ki kuma raka ta da ƙafarki. Layin ma'aikatar lafiya 937 ne, ana samun likita a yi magana da shi. In kuwa ta fara cewa gara ta bi shi, ko yaran za su fi jin daɗi ba ita, ki tambaye ta kai tsaye ko tana tunanin cutar da kanta. Tambayar ba ta sa mutum ya aikata. In ta ce eh, kada ki bar ta ita kaɗai a daren, ki kwashe magungunan gidan, ku tafi asibiti, motar agaji kuma 997.

Ki rubuta ranakun da ke tafe tun yanzu: ranar da zai cika shekara, Sallah ƙarama da babba, da azumin farko ba shi. Shan ruwan ranar ɗaya ga Ramadan ya fi kowanne. Ni na shimfiɗa leda na jera kofuna, sai da aka kira Magariba na ga na ajiye biyar, mu kuwa saura huɗu. Kafin in ɗauke na biyar ɗin aka ƙwanƙwasa ƙofa, Inna ce da tukunyar shurba da sambusa, ta ce ita yau a nan za ta sha ruwa. Ta zauna ta jawo kofin gabanta, ta ce wa babban ɗana ya yi wa babansa addu'a kafin mu ci.