Anti, wanne zan ɗauka, mai 37,000 a wata ko mai 60,300?

Assalamu alaikum Anti. Don Allah ki taimake ni da shawara kaina ya kulle. Rufin gidanmu ne ke yoyo, gyaran zai ci 600,000 cif, shi ne na nemi rance wuri biyu. Na farko sun ce shekara ɗaya, ruwa kashi 3 cikin ɗari a wata a kan abin da ya rage, zan riƙa biyan 60,300 duk wata, kuɗin cike takardu kashi 1. Na biyun sun ce shekara biyu, ruwa kashi 2 kacal, 37,000 duk wata, sai kuɗin takardu kashi 3 da inshora kashi 2 da za su cire kafin su turo. Albashina 180,000 ne, in na cire hidimar gida kamar 70,000 ke saura. Ni dai zuciyata ta fi kwantawa da na biyun tunda ruwan ma ya fi ƙanƙanta ga biyan da sauƙi, amma yayana ya ce kar in kuskura in sa hannu, ya kuma kasa yi min bayanin dalili. Ma'aikacinsu kuma kullum sai ya kira wai tayin zai rufe ƙarshen sati.
Ƙanwarki mai neman mafita

Wa alaikumus salam ƙanwata. Yayanki yana da gaskiya, bayanin ne dai ya gagare shi, to bari in taya shi. Ɗauko biro da takarda, ki buɗe kalkuletar wayarki, mu yi abin nan tare don kar ki ce Anti ce ta faɗa.

Tambaya biyu kawai za ki yi wa kowane rance kafin komai: nawa zai shigo hannuna, nawa kuma zai fita daga hannuna daga ranar farko har ranar da zan gama. Tazarar da ke tsakanin biyun nan ita ce ainihin tsadar rancen, duk sauran sunayen da suke raɗawa cajin, ko takardu ko inshora ko mene ne, daga aljihunki dai suke fita.

Na farko, 60,300 sau 12 ya ba ki 723,600. Za su cire kashi 1 na 600,000, wato 6,000, kenan 594,000 zai shigo asusunki. Ki cire 594,000 daga 723,600, saura 129,600. Wannan shi ne abin da za ki biya saboda kin yi amfani da kuɗinsu.

Na biyu, 37,000 sau 24 ya ba ki 888,000. Takardu 18,000, inshora 12,000, sun kwashe 30,000 tun kuɗin bai taɓa hannunki ba, 570,000 za ki gani a alat. Ki cire shi daga 888,000, saura 318,000. Kin gani ko? Wanda ya yi miki kama da mai sauƙi ya fi ɗan uwansa tsada da 188,400, ya ma ɗara albashinki na wata guda cur. Ga wani abu kuma da na san ba ki kawo a rai ba, mai gyara 600,000 ya ce miki, ke kuma 570,000 za ki riƙe, to cikon 30,000 ɗin daga ina? Sai ki je ki sake cin wani bashin don ki cike na farko, alhali ruwan da za su riƙa caja a kan 600,000 ne gaba ɗaya har da 30,000 ɗin da ba ki taɓa gani ba.

Na san abin da za ki ce, ai Anti ba adalci a haɗa shekara ɗaya da shekara biyu, dole mai tsawon ya fi tara kuɗi. Haka ne, kuma gara da kika yi tunanin. To mu raba 318,000 ɗin gida biyu, kowace shekara 159,000, har yanzu ya fi 129,600. Kenan tsawon lokaci ya taka rawa amma ba shi kaɗai ba ne, akwai wani abu a cikin kashi 2 ɗin nan, kuma nan ne nake so ki nutsu sosai don nan mutane suka fi faɗawa.

Ki duba yadda 37,000 ta samu. In kika raba 600,000 gida 24 za ki samu 25,000, wannan uwar kuɗi ce. Sauran 12,000 ruwa ne, kuma 12,000 shi ne daidai kashi 2 na 600,000. Wato kowane wata, daga na farko har na ashirin da huɗu, a kan cikakken kuɗin da kika ara suke lissafa ruwan kamar ba ki taɓa biyan ko sisi ba. Shi ne ake ce wa filat. A wata na 13 kin riga kin biya rabi, 300,000 kawai suke binki, amma ruwan yana nan 12,000, ya zama kashi 4 kenan na abin da ke kanki. A watan ƙarshe kuwa 25,000 ya rage musu a wurinki, su karɓi ruwan 12,000 a kai, kusan rabinsa fa.

Na farkon ba haka yake tafiya ba. Watan farko ruwan kashi 3 ne na 600,000, wato 18,000, sauran 42,300 ya tafi rage uwar kuɗi. Wata na biyu a kan 557,700 za a lissafa, ruwan ya sauko kusan 16,700, haka zai yi ta zaizayewa har a watan ƙarshe bai kai 2,000 ba. Shi ya sa kashi 3 ɗinsu da kashi 2 na wancan ba da ma'auni ɗaya aka auna su ba, ba za ki jera su ki ce wannan ya fi ƙanƙanta ba. In aka mayar da na biyun kan tsarin abin da ya rage, kashi 2 ɗin nan yana komawa wajen 3.4 a wata, in aka haɗa da 30,000 da suka cire tun farko ya kai kusan 3.9. Na farkon da nasa cajin wajen 3.2 ne. Ba sai kin iya fitar da wannan da kanki ba, ki dai iya gane filat in kin gan shi: ki ninka biyan wata da yawan watanni, ki cire kuɗin da kika ara, ki raba abin da ya saura da yawan watannin, in amsar ta fito daidai da kason da suka faɗa na cikakken kuɗin to filat ne. A wasu takardun za ki ga sun rubuta APR, wato tsadar rancen a shekara har da caje-cajen dole, in duka biyun sun rubuta to shi ya fi dacewa ki jera gefe da gefe.

Amma fa kar ki ruga gobe da safe ki sa wa na farko hannu don na ce ya fi arha, ina da damuwa a kansa shi ma. In 70,000 ke rage miki kika ba da 60,300, abin da ya saura bai kai 10,000 ba, har tsawon wata goma sha biyu. Yaro ya kwana da zazzaɓi sau ɗaya, ko albashi ya yi jinkirin sati, shi kenan kin tsallake ranar biya, tara ta hau, kuma wasu masu ba da rance har a kan tarar suke ɗora ruwa. Arhar da kika gudo dominta sai ta narke a can. Don haka abin da zuciyarki ta hango a 37,000 ba shirme ba ne, numfashi take nema, farashin numfashin ne dai ya yi yawa.

Da ni ce, komawa zan yi wurin na farko in ce su lissafa min wannan rancen a kan wata 18 da ruwan nan dai na kashi 3 a kan abin da ya rage. Zai kama wajen 43,600 a wata, jimilla 784,800, tsadarsa kenan 190,800. Kin ga bambancinsa da 37,000 a wata 6,600 ne kawai, amma kin tsira da sama da 127,000 kuma kin riga gamawa da wata shida, sannan kina da rarar fiye da 26,000 duk wata saboda ko ta kwana. Mai yiwuwa su ce in wa'adi ya ƙaru ruwan ma zai ɗan motsa, ba laifi, su rubuto miki sabon adadin ki sake buga lissafin nan namu. In sun ƙi ƙara wa'adin, ɗaya hanyar ita ce ki rage abin da za ki ara, in kina iya haɗa 100,000 ta wani wurin ki ari 500,000, biyan wata zai sauko wajen 50,200 a shekara ɗayan.

Kafin biro ya taɓa takarda ki ce su ba ki jadawalin biya, wanda ke nuna kowane wata nawa ne ruwa nawa ne uwar kuɗi nawa ya rage, ki tafi da shi gida ki karanta a tsanake. Ki tambaya in kika samu kuɗi kika so biya gaba ɗaya kafin lokaci me zai faru, don a tsarin abin da ya rage ruwan watannin gaba yakan faɗi sai dai ko su caji wani abu na rufewa da wuri, a filat kuwa akwai masu cewa sai kin biya ruwan wata 24 ɗin kaf ko da a wata na goma kika gama. Ki tambayi tarar jinkiri nawa ce, a kan kuɗin watan take hawa ko a kan duk bashin. Inshorar nan ma ki ji me take rufewa, sau ɗaya ake biya ko duk shekara za a sake cira, don in duk shekara ce to 318,000 ɗin da muka samu ma ya ƙaru. Duk amsar da aka ba ki da baki ki ce a nuna miki layin da take a cikin yarjejeniyar. Af, ko da wurin da ba sa harkar ruwa kika je, masu sayen kayan su sayar miki da riba a kai ki biya kaɗan-kaɗan, tambaya biyun nan ta farko dai za ki yi musu.

Shi kuma mai kiran nan da ke cewa ƙarshen sati za a rufe, in ya sake kira ki ce masa ya turo miki jadawalin da jimillar abin da za ki biya a rubuce, sannan ki tambaye shi kai tsaye kashi 2 ɗin filat ne ko a kan abin da ya rage. Ki kira yayanki ku zauna ku duba takardun tare, in na farkon sun ba ki lissafin wata 18 ɗin ki turo min in gani.

Taki,
Anti