Murabus Ko Ajiye Aiki? Kalmomin Da Suka Dace Da Takardar Barin Banki

Tambaya: Malam, ni akawu ne a banki shekara 6 ke nan, zan bar aiki domin in riƙe kasuwancin mahaifinmu. Ina son takardata ta zama gajera mai daɗin karantawa. Shin "murabus" zan rubuta ko "ritaya", kuma wane karin magana zan saka?

Amsa: Ɗan'uwa, duka biyun ba su dace da kai ba. Murabus a asalin amfaninta kalmar sarauta ce, ana faɗin ta ga wanda ya sauka daga karaga, kamar yadda ake cewa Sarkin Kano Muhammadu Sanusi na Ɗaya ya yi murabus a 1963. Gidajen rediyo sun faɗaɗa ta zuwa ministoci da shugabannin hukumomi, amma har yanzu tana ɗauke da nauyin mulki, kuma sau da yawa mai sauraro yakan ji kamar akwai matsin lamba a bayanta. Akawun da ya rubuta cewa ya yi murabus ya sa rigar da ta fi shi girma, ya kuma jawo a tambayi laifin da ya yi. Ritaya kuwa ta wanda shekarun aikinsa suka cika ce.

Kalmarka ita ce "ajiye aiki". Ka lura da cewa Bahaushe ba ya ajiye abu sai wanda yake da daraja, domin abin da ba a so yar da shi ake yi. Wanda ya ajiye aiki ya sauke shi ne da hannunsa, cikin natsuwa, a wurin da wani zai ɗauka ya ci gaba. "Barin aiki" ba kuskure ba ne, sai dai ya haɗa har da wanda ya yi fushi ya tafi ba sallama.

Akwai wani tarko da ba ka tambaya ba, kuma na fi jin tsoronsa. Kada ka rubuta "kasuwancin iyalina", domin iyalin mutum su ne matarsa da 'ya'yansa, waɗanda yake ɗauke da nauyinsu. Manajanka zai ɗauka cewa harkar uwargida za ka je ka kama. Tun da na mahaifi ne, ka ce "kasuwancin gidanmu", wanda ya haɗa iyaye da 'yan'uwa. Ka guji "gado" ma idan mahaifin yana raye, don kada a zo maka ta'aziyya.

Game da karin magana, guda ɗaya ya isa. Mutane kan ɗauko "kowa ya bar gida, gida ya bar shi" da nufin bayyana dalilin komawarsu, suna manta cewa bankin ma gida ne da suke bari, don haka maganar tana iya juyowa kansu. Ni na fi son "yaba kyauta tukuici", domin yana nuna cewa an yi maka alheri kuma godiya ce abin da kake da shi na ramawa. Ga yadda takardar za ta iya kasancewa:

"Zuwa ga Manajan Reshe. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, ina sanar da kai cewa zan ajiye aikina na akawu, kuma ranar 30 ga Yuni ce ranata ta ƙarshe, bisa sanarwar wata ɗaya da takardar ɗaukata aiki ta tanada. Dalilina shi ne kasuwancin gidanmu, wanda yanzu ya buƙaci in tsaya a kansa. Yaba kyauta tukuici: a shekara 6 da na yi a nan na koyi riƙon amana da tsare lissafi, kuma da su zan tafi. Kafin ranar zan daidaita lissafin da ke hannuna, in miƙa makullai da katin shaida ga wanda ka zaɓa. Ina neman afuwar duk wanda na saɓa wa. Na gode."

Wata ɗayan misali ne kawai, ka duba wa'adin da ke cikin taka takardar ɗaukar aikin ka rubuta shi. Ka kuma lura na ce "ina sanar da kai", ban ce "ina neman izini" ba, domin mai neman izini ana iya ce masa ya dakata har a sami madadinsa, alhali kai ka riga ka yanke ranar tafiyarka.