Suga na kan iyaka: amsoshin wasiƙunku na wannan mako

*Assalamu alaikum Malam. Shekarata 38, mahaifiyata da yayana duk suna da ciwon suga. Ran kasuwar Gaya na gwada a kemis aka ce 8.4. Na je asibiti da safe ban ci komai ba, aka ce 6.3, wai ina kan iyaka. Tun ranar ba na barci. Na kamu ke nan? Daga ƙanwarka a wani ƙauyen Gaya.*

Wa'alaikumus salam. Ƙanwata, ki yi barcinki. A bisa waɗannan lambobi ba ki kamu ba. Amma jikinki ya yi miki ishara, kuma da wuri ya yi, lokacin da ake iya yin wani abu a kai.

Na ranar kasuwa ki ajiye shi gefe. Gwajin da aka yi da tsakar rana yana bin abin da mutum ya ci ne da kuma lokacin da ya ci shi. Idan kin sha fura da suga ko kin ci waina awa ɗaya kafin a soki yatsanki, 8.4 ba abin mamaki ba ne ko ga mai ƙoshin lafiya. Irin wannan gwajin yana yanke hukunci ne kawai idan ya kai 11.1 ko ya wuce, kuma ga alamu tare da shi: yawan fitsari har cikin dare, ƙishirwar da ba ta yankewa, rama ba dalili. Ƙasa da haka bai tabbatar da ciwo ba, bai kuma wanke mutum ba.

Na safe shi ne mai magana. Bayan awa 8 ko fiye ba a ci komai ba sai ruwa, abincin jiya ya riga ya wuce, abin da ya rage a jini shi ne wanda hanta ke sakewa, kuma sinadarin insulin ne ke taka mata burki. Ƙasa da 5.6 lafiya ƙalau. Daga 7.0 zuwa sama, idan aka sake a wata rana daban aka samu haka, ciwon suga ne. Tsakanin nan ake kira kan iyaka. Hukumar Lafiya ta Duniya tana fara lissafin daga 6.1, ƙungiyar masana ciwon suga ta Amurka kuma daga 5.6. Naki 6.3 ya shiga a ƙididdigar duka biyun.

Da a ce babu mai ciwon a gidanku, da na ce ki gyara cin abinci ki dawo baɗi. Amma uwa da yaya ba ƙaramin abu ba ne, gado yana ƙara haɗarin sosai, don haka ki koma cikin makonni kaɗan a sake, a ɗebi jinin daga jijiyar hannu. Ki ci abincin darenki yadda kika saba, kada ki yi kwana uku kina ƙaurace wa tuwo don lambar ta yi kyau, kanki za ki yaudara. Da safe ban da koko, ban da shayi, ban da goro. Kada ki je kina cikin zazzaɓi, domin rashin lafiya tana ɗaga suga na ɗan lokaci. Idan kina shan ƙwayoyin ƙara ƙiba da ake sayar wa mata, ki gaya wa likita, da yawansu akwai dexamethasone a ciki, shi ma yana ɗaga suga.

Idan ya sake fitowa tsakanin, ki nemi gwajin da ake ba mutum ruwan sukari giram 75 ya sha, a auna bayan awa 2. Ƙasa da 7.8 daidai ne, 7.8 zuwa 11.0 kan iyaka, 11.1 ciwo. Yana kama waɗanda na safe ya tsallake. Akwai kuma gwajin HbA1c mai nuna matsakaicin sugan jini na wata biyu zuwa uku, inda 6.5 cikin ɗari ke nufin ciwo, sai dai sikila da ƙarancin jini suna iya karkatar da shi, kuma yawanci sai a manyan asibitoci irin na Malam Aminu Kano ake samunsa. Idan kina da juna biyu, ki faɗa tun a awo, ma'aunin masu ciki ya fi wannan tsauri.

Kan iyaka yana iya komawa baya. Wani babban bincike da aka wallafa a Amurka a 2002 ya nuna masu irin matsayinki da suka sa himmar rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu, suna motsa jiki minti 150 a mako, sun rage kamuwa da kashi 58 cikin ɗari a kusan shekara uku. Ga mai kilo 80 wannan bai kai kilo 6 ba. Ki fara da abin sha: lemon kwalba, zoɓo da kunun aya masu suga, shayi mai cokali uku. Malmalar tuwo ta ragu, miyar ganye da wake su ƙaru. Sannan gwaji duk shekara, ko kina jin garau.

*Malam, na'urar Baba ta nuna 118, takardar asibiti ta ce 6.5. Wa ke ƙarya? Daga Ringim.*

Babu. Ma'auni biyu ne daban. Dubi gilashin na'urar, za ka ga mg/dL, takardar kuma mmol/L. Raba 118 da 18, ka samu kusan 6.5. A ma'aunin na'urar 126 shi ne 7.0, 200 kuma shi ne 11.1.

*Ina azumin Litinin da Alhamis. Zan iya gwadawa dab da buɗa-baki a madadin na safe?*

A'a, Alhaji. An tsara lambobin ne a kan gwajin safe bayan barcin dare. Na yamma yakan fito ƙasa, ya ba ka kwanciyar hankalin da ba ka tabbatar ba.

*Mahaifinmu na da suga, ni kuma an ce ina kan iyaka. In sayar da akuya in sayi na'ura? Akwai mai kawo tsinkayen gwaji da araha a kasuwar Maigatari.*

Bar akuyarka. Mahaifinku ne ke buƙatar na'ura, musamman idan yana allurar insulin ko ƙwayar da ke iya faɗar da suga. Kai gwajin asibiti sau ɗaya a shekara ya ishe ka. Na'ura mai kyau ma an yarda mata ta kauce da kashi 15 cikin ɗari. Wato mai 6.3 na gaskiya zai iya ganin 5.4 yau, gobe ya ga 7.2, yau lafiyayye gobe majinyaci, alhali jininsa bai canza ba. Me za ka tsinta a nan ban da fargaba?

Maganar tsinkaye masu araha kuwa tana ci mini tuwo a ƙwarya. Kan kowane tsinke akwai sinadarin da zafi da laima ke lalatawa. Wanda ya yini a faranti cikin ranar Afrilu, ko aka zazzage shi daga robarsa aka ƙulla a leda ana sayarwa ɗai-ɗai, ya riga ya tashi daga aiki, amma zai ba ka lamba tsaf, ba zai ce maka ya lalace ba. Na sha ganin dattijo ya ƙara wa kansa magani saboda lambar banza, na kuma ga wanda ya daina sha saboda ita. Idan za ku saya wa Baba, ku tambayi kuɗin tsinkayen kafin kuɗin na'urar, domin su ne cefanen kullum, ku kuma tabbatar ana samun irinsu a kusa. Roba a rufe, kwanan wata bai wuce ba, sunan da ke jikinta ya dace da na'urar. A ajiye a inuwa cikin ɗaki, a rufe da zarar an zari ɗaya. A wanke hannu da sabulu a bushe kafin a soka, ragowar dabino ko rake a yatsa kaɗai ya isa ya harba lamba sama.

Su kuma masu mota da lasifika da ke gwada mutane a kasuwa bayan sun ci sun sha, su ce kowa na da suga, su miƙo jarkar tsimi, kada ka ba su yatsanka, balle kuɗinka. Ranar da za a kai Baba asibiti ku tafi da na'urar, a gwada shi da ita a daidai lokacin da ake ɗibar jininsa, ku kwatanta sakamakon biyu.