Wa zai biya jirgi da inshora, ni ko mai saye?

"Jama'a, wani ɗan Turkiyya na son kwantena ɗaya ta riɗi daga wurina, ya ce in ba shi farashin CIF. Kuɗin jirgi da inshora a kan wa suke?"

Alhaji, duka biyun a kanka suke, don haka kada ka faɗi farashi sai kamfanin jirgi ya ba ka nasa a rubuce.

A FOB kai ne da kuɗin mota daga Dawanau zuwa Apapa, da takardun kwastan, har kaya su hau jirgi. Daga nan sai mai saye. A CFR ka ƙara kuɗin jirgi zuwa tasharsu, a CIF kuma ka ɗora inshora a kai.

Mu ɗauka tan 19 ne a kwantena mai ƙafa 20, farashinka na FOB dala 1,400 kowane tan, jirgi zuwa tashar Mersin ta Turkiyya kuma dala 1,900. Jirgi ya ci dala 100 a kowane tan ke nan, CFR ya zama 1,500. Sai ka ƙara abin da kamfanin inshora ya caje ka. Ka lura, ƙa'idar cinikin ƙasa da ƙasa ta Incoterms ta ce inshorar ta rufe kashi 110 cikin ɗari na darajar kayan.

Ga inda rigima take ɓuya. Biyan kuɗin jirgi daban, ɗaukar asara daban. Ko a CIF, da zarar kaya sun hau jirgi a Legas, abin da ya same su a teku na mai saye ne, shi zai bi kamfanin inshora da takardar da ka aika masa. Kuma inshorar da CIF ya wajabta maka ita ce mafi ƙanƙanta, wato ICC (C): tana biyan gobara, nutsewa da karon jirgi, amma ba ruwanta da sata ko ruwan da ya shiga kwantena.

Ni nan na sha wuya. Ruwa ya shiga ta rufin kwantenata, buhunan sama suka yi fumfuna, inshora ta ce ba ta ciki. Mai saye ya rantse shi cikakkiyar inshora ya fahimta. Bisa ƙa'ida ina da gaskiya, amma sai da na yi masa rangwame don kada cinikinmu ya mutu. Yanzu tun farko nake tambaya: (C) kake so ko (A)? In (A) ce, wato mafi faɗi a cikinsu, in sa kuɗinta a farashi.

A takardar farashi kada ka rubuta CIF Turkiyya kawai, tashoshinsu da yawa kuma kuɗinsu ba ɗaya ba. Rubuta haka:

```
CIF Mersin, Incoterms 2020
```

A ƙarƙashi ka ƙara layi cewa kuɗin sauke kwantena a Mersin, harajin kwastan nasu da tarar jinkirin ɗaukar kaya duk na mai saye ne. Ka sa ranar da farashin zai daina aiki, ni mako biyu nake ba su, saboda kuɗin jirgi ba ya zama wuri ɗaya. Sai mai saye ya sa hannu ya dawo maka da takardar kafin ka sayi ko buhu ɗaya.