Kafin ka kashe kuɗi a kan sabon talabijin, gyara saitin gama da launukan wasanka

Tambaya daga wani mai karatu a unguwar Zariya, Maradi: "Malam, ina buga wasannin harbi a PS4 da talabijin ɗin gidanmu. Idan na shiga ɗaki mai duhu a cikin wasan ba na ganin abokin gaba sai ya riga ya harbe ni, kuma sau da yawa ina rikita sunan da aka rubuta da ja da wanda aka rubuta da kore. Na tara jaka ɗari da hamsin. In sayi sabon talabijin ne, ko tabarau na masu matsalar ganin launi?"

Ƙanena, ka riƙe kuɗinka tukuna, domin abin da ka kwatanta ya fi kama da matsalar saiti da kuma yanayin ganin idonka, kuma sabon talabijin zai iya zuwa da irin wannan duhun idan aka haɗa shi yadda aka haɗa na yanzu. Akwai gyaran da ba ya cin ko dala, amma sai an bi shi daki-daki, a fara da duhu sannan a koma kan launi, saboda duk abin da ka taɓa a wajen haske yana sauya yadda launuka suke fitowa.

Wuri na farko da za ka duba shi ne tsakanin na'urar da talabijin, tun kafin ka buɗe wasan. Hasken kowane ɗigo na hoto ana aika shi ne da lamba. A cikakken ma'auni, 0 ita ce baƙi ƙirin, 255 kuma fari fat, amma a ma'aunin da aka gada daga harkar bidiyo baƙi yana kan 16, fari yana kan 235. Idan PS4 tana aika cikakken ma'auni alhali talabijin yana jiran taƙaitaccen, duk abin da ke ƙasa da 16 zai haɗe ya zama baƙi ɗaya, mutumin da ya laɓe a lungu ya ɓace tare da bangon da ke bayansa, kuma ko ka ja majanyin haske da ke cikin saitin wasan har ƙarshe gyaran ba zai zama cikakke ba. Idan aka samu akasin haka, sai ka ga baƙi ya koma ruwan toka, hoton gaba ɗaya ya dusashe. A PS4 saitin yana ƙarƙashin Sound and Screen, sannan Video Output Settings, da sunan RGB Range. A talabijin na Samsung takwaransa shi ne HDMI Black Level, a na LG kuma Black Level. Zaɓin Limited a na'ura yana tafiya da Low a talabijin, zaɓin Full kuma yana tafiya da Normal a Samsung ko High a LG. Zaɓin Automatic yakan dace, sai dai wasu tsofaffin talabijin ba sa sanar da na'ura abin da suke jira daidai, shi ya sa nake so ka daidaita su biyun da hannunka. Tunda kana wurin, ka sa talabijin a Game Mode, ka kashe Dynamic Contrast da tsarin tsimin wuta, domin suna iya rage haske a daidai lokacin da hoto ya yi duhu.

Yanzu sai gama, wato saitin da yake ƙayyade yadda wurare masu duhu suke fitowa a allo. Talabijin ba ya mayar da lambar da aka aiko masa haske kai tsaye: ana raba lambar da 255, sannan a ɗaga sakamakon zuwa ƙarfin gama, wanda bisa al'ada yake kusa da 2.2. Mu ɗauki ɗakin da ake harbe ka a ciki, a ce bangonsa yana kan lamba 20, rigar abokin gaba kuma tana kan 30. A gama 2.2 bangon zai fitar da kusan kashi 0.4 cikin ɗari na cikakken hasken allon, rigar kuma kusan kashi 0.9. Dukansu ba su kai kashi ɗaya ba, saboda haka ɗan hasken rana da ya faɗo kan gilashin daga taga ya isa ya shafe bambancinsu. Idan aka sauko da gama zuwa 1.8, bangon zai koma kusan kashi 1.0, rigar kuma kusan kashi 2.1, wato tazarar da ke tsakaninsu ta ninka. Wuri mai haske da ke kan lamba 200 kuwa daga kusan kashi 59 zai matsa zuwa 65 kawai, fari fat da baƙi ƙirin kuma ba sa motsawa. Amfanin gama ke nan a kan ƙara haske tsagwaronsa, wanda yake ɗaga komai tare har baƙi ya daina zama baƙi.

A aikace, wasanni da yawa suna kiran majanyin gama Brightness ko Luminosité ko da aikin gama yake yi, kuma a wasu ƙara lamba ne yake haskaka duhu, a wasu kuma rage ta, saboda haka ka dogara da idonka fiye da lambar. Yawancinsu suna nuna tambari a kan baƙin fili su ce a ja har sai ya kusa ɓacewa. Ka yi wannan gwajin a lokacin da ka saba wasa, a kujerar da ka saba zama, domin saitin da aka yi da dare fitila a kashe ba zai yi aiki da azahar ba, lokacin da ranar Maradi take cika ɗaki. Bayan tambarin ya fito da ƙyar, ka ƙara mataki ɗaya ko biyu, ka shiga wurin da ya fi duhu a taswirar da ka sani, ka tsaya a bakin ƙofa. Idan kana iya rarrabe ƙasa da bango da kayan ɗaki, ya isa haka. Alamar an zarce ita ce inuwa ta zama toka-toka kamar ranar da hazon hunturu ya sauka, ko ka fara ganin duhu yana rarrabuwa layi-layi maimakon ya tafi sumul. A nan sai ka koma baya, domin gama da ta wuce kima tana wanke launuka, kai kuma launukan kake bukata.

Rikita ja da kore da kake yi, idan har wanda ke zaune kusa da kai yana rarrabe su a allo ɗaya, alama ce ta raunin ganin launi da ake gado ta wajen uwa, wanda ya fi yawa ƙwarai a maza. Ido yana da ƙwayoyin ganin launi iri uku, kuma sunayen da za ka tarar a saitin wasa suna nuna wanda ya raunana. Deuteranopia na ƙwayoyin kore ne, kuma raunin wannan ɓangaren shi ya fi yawa. Protanopia na ƙwayoyin ja ne, Tritanopia kuma na shuɗi, shi ba kasafai ake samun sa ba. Abin da ya sa na karanta tambayarka sau biyu shi ne mai raunin ƙwayoyin ja yana ganin ja ya yi duhu fiye da yadda sauran mutane suke ganin sa, saboda haka jan suna a kan baƙin bango yakan nutse masa gaba ɗaya. Mai yiwuwa ne matsalolinka biyu tushensu ɗaya, kuma gwajinsa mai sauƙi ne: idan a cikin duhu kana ganin alamar abokan tafiyarka sarai amma ta abokan gaba ce take ɓacewa, ka fara da Protanopia, idan kuwa dukansu suna fitowa amma suna kama da juna, ka fara da Deuteranopia.

Ba duk wasanni ne suke yin wannan gyaran iri ɗaya ba. Wasu suna shimfiɗa matata a kan dukan hoton, kamar Fortnite, inda bayan zaɓen nau'in akwai Color Blind Strength da yake tafiya daga 0 zuwa 10. A irin wannan kada ka fara da 10, ka fara daga tsakiya kana ƙarawa har launukan biyu su rabu, domin matatar tana taɓa ciyawa da sama da inuwa ma, kuma bayan ka kunna ta ya kamata ka koma wancan ɗaki mai duhu ka tabbatar gamarka tana nan daidai. Wasu wasannin kuma suna barin duniyar wasan yadda take, su sauya alamomin kawai. Valorant, wanda babu shi a PS4, yana ba da damar mayar da zagayen jikin abokin gaba daga ja zuwa rawaya ko shunayya, Call of Duty na ƴan shekarun nan kuma yana da Color Customization inda ake zaɓar wa ƙungiya da abokan gaba launi daban-daban. Wannan na biyun na fi so a gare ka duk inda aka same shi. Ka ba abokan gaba rawaya mai haske, ka ba ƴan ƙungiyarka shuɗi, domin idon da yake rikita ja da kore yana rarrabe shuɗi da rawaya da kyau, kuma rawaya tana fita a kan duhu. Ka guji haɗa shuɗi da shunayya, ko kore da ruwan lemu, domin ga irin idonka su ma suna iya haɗewa. A wasan ƙwallo ma haka ne, ka zaɓi farar riga a gefe ɗaya da mai duhu a ɗaya gefen tun kafin a take wasa.

Game da tabarau, ba na ba ka shawarar sayen su don wannan bukata. Ba sa warkar da raunin, abin da suke yi shi ne tace wani yanki na haske, wanda hakan yake ƙara duhunta hoton da kake fama ka haskaka. Ya fi maka amfani ka je wurin likitan ido a yi maka gwajin Ishihara, mai lambobi a cikin ɗigogi masu launi, wanda ba ya ɗaukar lokaci. Idan kuma a da kana rarrabe launukan sai kwanan nan abin ya sauya, ko ido ɗaya ne kawai, ko kuma da dare ma a kan hanya ganinka ya ragu, to kada ka jinkirta zuwa, domin raunin gado ba ya farawa da rana tsaka.

Sayen allo yana da hujja ne idan ka daidaita ma'aunin, ka ja majanyin har ƙarshe a ɗaki mai inuwa, amma tambarin gwajin ya ƙi fitowa, ko kuma fitilar bayan gilashin ta raunana har fari ya koma rawaya-rawaya. Kafin ka yanke hukunci, ka ɗauki na'urarka ka haɗa ta da talabijin ɗin wani aboki, ka shiga ɗakin nan dai da saiti iri ɗaya. Idan can ka ga abin da ba ka gani a gida, sai ka nufi kasuwa da PS4 ɗinka da wayar HDMI a jaka, ka roƙi mai shago ya bar ka ka gwada wurin mai duhu a kan allon da kake so, ka kuma duba ko a cikin saitinsa akwai Game Mode da wurin daidaita baƙi kafin ku yi ciniki.